Kama Da Wane Ba Wane Ba Ne: Abin Da Kyamarar Waya Ba Ta Gani A Ƙwayar Magani

Wayar hannu ta saba wa matasa da samun amsa nan take. A ɗauki hoton takalmi, Google Lens ya nuna irinsa da farashinsa. A ɗauki hoton ganye, ya faɗi sunan bishiyar. Saboda haka idan aka tsinci katin magani a gida babu kwalinsa, ko wani ya miƙo ƙwaya ya ce ta ciwon jiki ce, abin da ke fara zuwa ran mutane da yawa shi ne su haska ta da kyamara, ko su tura hotonta a WhatsApp su tambaya ko akwai wanda ya san ta.

Idan takalmi ne aka yi kuskure, kuɗi kawai za a yi asara. Amma akwai rukunin magungunan da kuskure a kansu yake iya tsayar da numfashin mutum yana cikin barci. Su ne magungunan da doka ta sa wa takunkumi: masu kashe zafin ciwo mai tsanani irin su mofin, tiramadol, kodin da fentazosin, da masu kwantar da jijiya su sa barci irin su dayazafam. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya gudanar tare da gwamnatin Najeriya a 2018 ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 4.6 ne suka sha irin waɗannan magungunan kashe zafi ba bisa umarnin likita ba a shekarar da ta gabaci binciken. Inda masu saye suka kai haka, masu yin jabu ba sa nisa.

Me ake nufi da takunkumi

Magunguna hawa-hawa ne. Akwai waɗanda kowa zai iya saye a kemis, kamar farasitamol. Akwai waɗanda sai da takardar likita, kamar magungunan hawan jini. A sama da su kuma akwai waɗanda, ban da takardar likita, doka ta sa a kulle su wuri na musamman, a riƙa rubuta shigarsu da fitarsu a littafi, kuma a nemi izinin hukuma kafin a shigo da su ƙasa. Dalilin bai wuce biyu ba: jiki yana sabawa da su har ya kasa rabuwa da su, sannan tazarar da ke tsakanin adadin da ke magani da adadin da ke cutarwa ba ta da faɗi.

A Najeriya NAFDAC ce ke yi wa magani rajista da ba da izinin shigo da shi, NDLEA kuma ke farautar masu safararsa ba bisa ƙa'ida ba. Lasisin masu ƙananan kemis na unguwa bai ba su damar sayar da wannan rukuni ba. Wurinsa asibiti ne ko famasi mai rajista, inda akwai ƙwararren mai harhaɗa magunguna.

Wani abu da ke rikita masu bincike a intanet shi ne, kowace ƙasa da jerinta. Mofin da dayazafam suna cikin yarjejeniyoyin Majalisar Ɗinkin Duniya na 1961 da 1971, don haka kusan ko'ina ana sa musu ido. Tiramadol ba ya cikin waɗannan yarjejeniyoyi. Kowace ƙasa ce ta yanke hukuncinta a kansa a lokacin da ta ga dama: Birtaniya da Amurka a 2014, Indiya a watan Afrilun 2018. Shi ya sa magani iri ɗaya yake iya zuwa da alamu daban-daban, gwargwadon ƙasar da aka buga kwalinsa dominta.

Alamun da ke jikin kwali

Kwalin da aka yi wa kasuwar Najeriya yakan ɗauki lambar rajista bayan rubutun `NAFDAC Reg. No.`, da lambar rukunin da aka sarrafa shi a ciki, wadda ake rubutawa `Batch No.` ko `B.N.`, da ranar sarrafawa da ranar lalacewa, da suna da adireshin kamfanin da ya yi shi. Sau da yawa akan ga haruffa uku, `POM`, waɗanda ke nufin ba a bayar da maganin sai da takardar likita. A lura, `POM` bai bambance maganin hawan jini da maganin da ke sa maye ba, duka biyun suna iya ɗaukarsa. Abin da ke nuna cewa maganin na rukunin takunkumi ne shi ne sunan sinadarin da ke cikinsa, wanda yawanci ake rubutawa da ƙananan haruffa a ƙarƙashin sunan kasuwa.

Magunguna da yawa da ke yawo a Afirka ta Yamma daga Indiya suke, kuma Indiya tana da nata tsarin. A kusurwar hagu ta sama akan buga `Rx` ga maganin da ke buƙatar takardar likita. Idan aka ga `NRx` da jan rubutu, maganin yana ƙarƙashin dokar miyagun ƙwayoyi ta ƙasar. `XRx` kuma na wani ƙaramin rukuni ne da aka fi tsananta wa. Akwai kuma akwatin gargaɗi mai jan layi a kewaye, mai ɗauke da `Schedule H1`, wanda aka fara aiki da shi a 2014. Amma kayan da aka yi don fitarwa waje sukan bi tsarin ƙasar da za a kai su, don haka rashin `NRx` a jikin kati ba shaida ba ce cewa maganin mai sauƙi ne.

Wanda ya shiga famasi a Maraɗi ko Damagaram zai riƙa cin karo da kwalaye masu tsarin Faransa. A nan akan ga `Liste I` tare da jan zane, ko `Liste II` tare da koren zane, da rubutun `Uniquement sur ordonnance`, wato sai da takardar likita. Wasu kuma suna da alwatika mai hoton mota a ciki, mai launin rawaya, ko ruwan lemo, ko ja, gwargwadon yadda maganin ke hana mutum iya tuƙi. A kwalayen Amurka kuwa babban harafin `C` ne da lambar Romawa a tare da shi: `CII` ga masu tsananin haɗari kamar mofin, `CIV` ga irin su dayazafam da tiramadol.

Akwai wasu haruffa biyu-biyu da suka cancanci kulawa ta musamman: `SR`, `ER`, ko `LP` a kwalayen Faransanci. Suna nufin an ƙera ƙwayar ne ta riƙa sakin magani a hankali cikin sa'o'i 12 ko 24. Idan aka tauna ta ko aka daka ta, abin da aka tsara ya shiga jiki a tsawon yini sai ya shiga gaba ɗaya. Da zarar an ciro ƙwayar daga katinta, wannan bayani ya ɓace, kuma babu hoton da zai dawo da shi.

Duk waɗannan alamu suna da amfani, amma ta fuska ɗaya kawai. Ganinsu yana cewa a tsaya, wannan ba maganin sha da ka ba ne. Ba sa tabbatar da cewa abin da ke ciki shi ne abin da aka rubuta. Tawada ce a kan takarda, kuma injin da ya buga kwalin gaskiya ba shi da wata fasaha da injin mai jabu ya rasa.

Abin da manhaja ke yi da hoton

Idan aka ɗauki hoton ƙwaya, manhajar ba ta san komai game da sinadari ba. Abin da take karɓa ɗigo-ɗigon launi ne da aka jera. Daga nan sai ta bi ɗaya daga hanyoyi biyu. Ta farko ita ce neman hotunan da suka yi kama da wannan a cikin miliyoyin hotunan da ke intanet, ta nuna su tare da rubutun da ke kusa da su a shafukan da aka samo su. Idan wanda ya ɗora hoton tun farko ya yi kuskuren suna, manhajar za ta maimaita kuskurensa. Hanya ta biyu ita ce karanta haruffa da lambobin da aka tambara a jikin ƙwayar, a haɗa da launi da siffa, a nemi abin da ya dace da su a rumbun bayanai.

Hanya ta biyun ta fi inganci, amma tana da iyaka babba. Shahararrun rumbunan tantance ƙwaya, kamar Pill Identifier na shafin Drugs.com, an gina su ne a kan magungunan kasuwar Amurka, inda doka ta wajabta wa kamfani ya tambara wata alama a jikin kusan kowace ƙwaya don a gane ta. Yawancin ƙwayoyin da ake sayarwa a Kano ko Yamai ba sa cikin wannan rumbu. Da yawansu ma babu rubutu a jikinsu sai layin rabawa a tsakiya. Idan manhaja ba ta sami ainihin abin ba, takan nuna mafi kusa da shi, kuma mai kallon allo ba lallai ya gane bambancin “wannan ne” da “wannan ya fi kama” ba. Ko ɗakin karatun likitanci na gwamnatin Amurka, wanda ya daɗe yana gudanar da irin wannan rumbu mai suna Pillbox, ya rufe shi a watan Janairun 2021.

Sai kuma matsalar kyamarar kanta. Waya tana gyara launi da kanta don ta dace da hasken wurin. Farar ƙwaya a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai ɗumi tana iya fitowa rawaya, rawaya kuma a hasken tocila ta koma kamar fara. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, domin a sanannen samfurin dayazafam mai suna Valium, launi ne ke raba ƙarfi: fara miligiram 2, rawaya miligiram 5, shuɗiya miligiram 10. Tsakanin fara da shuɗiya ninki biyar ne. Kuma wasu kamfanonin ba sa bin wannan tsarin launi ko kaɗan. Haka nan hoto ba ya nuna girma idan ba a ajiye wani abin aunawa a gefe ba. Idan aka tura shi ta WhatsApp kuma, manhajar takan matse shi don rage cin data, ƙananan haruffa su dushe, `8` ta koma kamar `B`, `0` ta koma kamar `D`.

Amma a ce an kawar da duk waɗannan: haske mai kyau, kyamara mai tsada, rumbu cikakke. Babbar matsalar tana nan daram. A ƙwayar dayazafam mai miligiram 5, sinadarin da ke aiki ɗan mitsitsi ne. Mafi yawan abin da ido ke gani sitaci ne da sukarin madara da rini. Ana iya cire sinadarin gaba ɗaya, ko a ninka shi, ko a musanya shi da wani, ƙwayar ba za ta canza kama ba. Amurka ta ga wannan da idonta a shuɗiyar ƙwayar nan mai tambarin `M` a gefe ɗaya da `30` a ɗaya gefen. Ta gaskiyar oksikodon ce mai miligiram 30. Ta jabun, wadda aka matsa da inji mai tambari iri ɗaya, fentanil ne a ciki, sinadarin da miligiram 2 nasa ke iya kisa. Hukumar DEA ta ƙasar ta ce a 2023, bakwai cikin kowace goma na ƙwayoyin jabun da ta gwada suna ɗauke da adadin da zai iya kashe mutum. Duk manhajar da aka nuna wa hoton irin wannan ƙwaya za ta ce oksikodon ce, kuma ta fuskar aikinta ba ta yi kuskure ba, don abin da aka nuna mata ke nan.

Misali: katin da aka rubuta wa 225

A ɗauki misalin wani matashi da yayansa ya faɗi a babur, ƙugunsa ya hana shi barci. Maƙwabci ya kawo kati ɗaya mai ƙwaya goma, babu kwali, babu takardar bayani, ya ce shi ma abin da yake sha ke nan idan jiki ya yi tsami. A jikin katin akwai sunan kasuwa da manyan haruffa, da lamba 225. Matashin ya ɗauki hoto ya bincika. Sakamakon ya cika da hotunan katunan tiramadol da hukumomi suka kama a tashoshin jiragen ruwa, duk da lamba 225 a jiki. Sai ya yanke cewa tiramadol ne, maganin da ya taɓa ganin likita ya rubuta wa wani, ya ji hankalinsa ya kwanta.

A ce ma ya yi daidai, tiramadol ɗin ne. Ƙarfin da NAFDAC ta amince da shi miligiram 50 ne da 100. Lamba 225 ita kaɗai ta isa ta nuna cewa katin bai biyo ta hanyar da doka ta sani ba, kuma babu hukumar Najeriya da ta gwada abin da ke cikinsa. Iyakar abin da ake ba babban mutum mai lafiyar ƙoda da hanta a yini guda miligiram 400 ne, a rarrabe. Ƙwaya ɗaya ta 225 daidai take da kafso huɗu da rabi na miligiram 50 a haɗiya ɗaya. Idan aka sha ɗaya da safe ɗaya da dare, an kai 450, an wuce iyaka. Tiramadol kuma an san shi da jawo jijjiga irin ta farfaɗiya idan ya yi yawa, ko da mutum bai taɓa yin farfaɗiya ba.

To amma zai yiwu ba tiramadol ɗin ba ne ma. Bayan Indiya ta tsananta dokar fitar da tiramadol a 2018, wasu masu safara sun sauya sinadari suka bar kamanni. A watan Fabrairun 2025 sashen binciken ƙwaƙwaf na BBC ya fitar da rahoto a kan ƙwayoyin da ake sarrafawa a Indiya ana shigo da su Najeriya da Ghana da Kodebuwa da sunaye irin su Tafrodol, TimaKing da Super Royal-225. Abin da ke cikinsu haɗin sinadarai biyu ne, tafentadol da karisofurodol. Tafentadol ya ninka tiramadol ƙarfi kamar sau biyu zuwa uku. Karisofurodol kuma maganin sassauta tsoka ne mai sa barci, wanda Tarayyar Turai ta dakatar da shi saboda yadda ake kamuwa da shi. Kwanaki kaɗan bayan rahoton, hukumomin Indiya suka hana sarrafa wannan haɗi da fitar da shi. Sai dai hanin bai kwashe abin da ya riga ya shiga kasuwa ba.

A irin wannan kati, 225 ba lallai ta zama nauyin sinadari ɗaya ba. Tana iya zama jimillar biyu, ko kuma wani ɓangare na sunan kasuwa da aka zaɓa don masu saye sun saba da ita. Manhajar ta ga lambar da fasalin katin, ta haɗa su da hotunan da suka fi yawa a intanet. Da matashin ya juya katin ya karanta ƙananan haruffa da idonsa, mai yiwuwa da ya ga `Tapentadol` da `Carisoprodol` a maimakon `Tramadol`. Wannan mataki ne da ya fi hoton, amma shi ma bai kai ƙarshe ba, domin wanda ya shigo da kaya ta ɓarauniyar hanya babu mai tilasta masa ya rubuta gaskiya.

Haɗarin yana ƙaruwa ne idan dare ya yi, zafi bai bari an yi barci ba, wani ya kawo shawarar a ƙara da ƙwayar barci. Maganin kashe zafi na wannan rukuni yana rage saurin numfashi. Maganin barci ma haka. Idan suka haɗu, kowanne yana ƙara wa ɗayan ƙarfi, kuma mutum yana iya zarcewa daga barci ba tare da na kusa da shi sun lura ba, suna jin minshari suna cewa ya samu sauƙi.

Abin da waya za ta iya, da inda take tsayawa

Wannan ba ya nufin waya ba ta da rawar takawa. NAFDAC tana da kundin magungunan da ta yi wa rajista mai suna Greenbook, akwai shi a matsayin manhaja da kuma a `greenbook.nafdac.gov.ng`. Ana rubuta lambar rajista ko sunan magani a bincika. Abin dubawa ba fitowar lambar kaɗai ba ce. Sai an gwada suna, da sinadari, da ƙarfi, da kamfani, a ga duk sun yi daidai da abin da ke hannu, saboda masu jabu sukan ari lambar wani magani na gaskiya su manna a nasu. Idan lambar da ke katin maganin kashe zafi ta fito da sunan maganin tari ko na tsutsar ciki, an gama magana. Idan kuma komai ya dace, abin da aka tabbatar shi ne akwai magani mai wannan suna da aka yi wa rajista. Ba a tabbatar cewa wannan katin daga wancan kamfani ya fito ba.

Akwai kuma tsarin kankare lamba a tura ta saƙon tes, wanda NAFDAC ta fara a 2010. Ya fi lambar rajista ƙarfi, domin kowane kwali da lambarsa, kuma idan an taɓa tura ta tsarin zai sani. Amma an wajabta shi ne a kan magungunan zazzaɓin cizon sauro da masu kashe ƙwayoyin cuta. Rashinsa a jikin maganin kashe zafi bai nuna komai ba. Lambar QR ko ta zane-zane da ake haskawa da kyamara kuwa, idan ba ta haɗe da rumbun da ke tantance kowane kwali ɗaya-ɗaya, hoto ce kamar kowane hoto, ana iya kwafarta sau dubu.

Sanin ainihin abin da ke cikin ƙwaya aikin na'ura ne mai taɓa sinadarin kansa. Jami'an NAFDAC suna amfani da wata na'urar hannu mai suna TruScan, wadda ke harba hasken leza a kan ƙwayar ta karanta yadda sinadaran ciki suka warwatsa shi, ta gwada da na samfurin gaskiya da ke ajiye a cikinta. Ita ma takan gaza idan sinadarin ya yi ƙanƙanta a cikin ƙwayar. Hukunci na ƙarshe sai a ɗakin gwaje-gwaje, irin wanda hukumar ke da shi a Kaduna da Yaba a Legas, inda ake narkar da ƙwayar a raba sinadaranta a auna kowanne. Kyamarar waya tana ganin launuka uku ne kawai, ja da kore da shuɗi, waɗanda suka dawo daga fatar ƙwayar. Babu sabunta manhajar da zai canza wannan.

Tunda mai saye ba shi da ɗakin gwaji a aljihu, abin da ya rage masa shi ne sanin hanyar da maganin ya biyo. Likita ya duba mara lafiya ya rubuta, famasi mai rajista ya bayar a cikin kwalinsa da takardar bayaninsa, kuma akwai wanda za a koma wa idan wani abu ya faru. Wannan hanya tana amsa wata tambaya da hoto ba ya ko jin ta: shin maganin ya dace da wannan mutumin? Ko tiramadol na gaskiya mai miligiram 50 yana iya zama haɗari ga mai farfaɗiya, ko mai ciwon ƙoda, ko mai shan wasu magungunan ciwon damuwa, ko mai shayarwa. Ba a ba yaro ɗan ƙasa da shekara 12 shi.

Ga matashin misalin nan, abin yi a bayyane yake. Kada yayansa ya sha ko rabi. A ɗauki katin yadda yake a kai wa mai harhaɗa magunguna a famasi ko asibiti, a kuma kai mara lafiyan a duba ƙugun, domin zafin da ya hana barci bayan faɗuwa yana iya zama tsagewar ƙashi, kuma kashe zafin ba ya ɗora ƙashi. Shi kuma maƙwabcin da ya daɗe yana sha, kada a ce ya yanke rana ɗaya. Daina irin waɗannan magunguna farat ɗaya, musamman masu sa barci, yana iya jawo jijjiga. Likita ne ke tsara yadda za a rage a hankali.

Idan an riga an sha

Alamun da ke nuna maganin ya yi yawa su ne barcin da ake girgiza mutum bai farka ba, numfashi a hankali ko mai yankewa, minshari mai kama da shaƙewa, leɓe da farce su yi duhu ko toka-toka, da ƙwayar ido ta tsuke ta koma kamar kan allura. Wani lokaci kuma jijjiga ce. A nan ba a jira gari ya waye. A kwantar da shi a gefe ɗaya don kada amai ya shaƙe shi, a kira 112 inda layin ke aiki ko a nemi mota zuwa asibiti mafi kusa. Kada a ɗura masa madara ko manja ko ruwan gishiri, domin wanda ba ya cikin hayyacinsa abin yana iya bi ta hanyar iska ya shiga huhu.

A asibiti akwai allurar nalokson, wadda ke warware aikin su mofin da tafentadol cikin mintuna. Amma ba ta taɓa dayazafam ko karisofurodol, kuma ƙarfinta yana iya ƙarewa kafin na ƙwayar, don haka ko mutum ya farfaɗo sai an ci gaba da sa masa ido. Shi ya sa ma'aikatan lafiya suke son ganin ainihin abin da aka sha. A tafi da katin da ragowar ƙwayoyin, a faɗi ƙarfe nawa aka sha, guda nawa, da me aka haɗa, ba tare da ɓoye komai don kunya ba. Idan katin ya ɓace kuma akwai hotonsa a waya, a nuna hoton, gaba da baya. A hannun likitan da ke ganin mara lafiya a gabansa, yana auna numfashinsa, hoton zai iya zama ɗan haske. A nan ne kaɗai yake da gurbi.